An Yi Sallama An Ji Shiru: A Jira Ko A Sake?

Duk wanda ya tashi a gida mai zaure ya san yadda ake yi. Baƙo yakan tsaya daga waje, ya ɗan kauce wa saitin ƙofa, ya yi sallama. Idan ya ji shiru ba ya afkawa ciki, ba ya kuma juyawa nan take. Yakan dakata, ya saurara, ya sake ɗaga murya kaɗan. In ya yi sa'ar ganin yaro sai ya ce masa, "Shiga ka ce ana sallama da maigida." Yaron zai fito da ɗaya daga cikin amsoshin da kowa ya haddace: wai yana zuwa, wai in ji wa, ko wai ba ya nan. Ko da ba a samu ɗan aike ba, gidan da kansa yana ba da labari. Ana jin sautin daka ko kukan jariri, ana ganin babur a jingine ko takalmi a bakin ƙofa, kuma daga nan baƙo yake gane ko ya ƙara tsayawa ko ya kama gabansa.

Waya ta kawar da duk waɗannan alamu. Mutum zai rubuta sallama a WhatsApp, ya tura, sannan ya zauna yana kallon wata 'yar alama mai siffar makin da malami ke yi a littafin ɗalibi. Minti goma, awa ɗaya, yini guda. Daga nan zuciya ta fara saƙe-saƙe: ko an raina shi ne, ko wani ya kai sukarsa, ko dai wancan ya samu duniya ya canza. Sai hannu ya fara ƙaiƙayin sake turawa. Tambayar ita ce yaushe sake turawar take dacewa, kuma yaushe take ɓata abin da ake nema.

Akwai dalilin da ya sa shirun ke da ciwo. A shekarar 2009 wasu masana harshe ƙarƙashin jagorancin Tanya Stivers suka auna hirar baki da baki a harsuna goma na sassan duniya daban-daban, don su ga tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa. Suka samu cewa a matsakaici kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce. Japanawa ne suka fi sauri, mutanen Denmak suka fi jinkiri, amma ko su ɗin jinkirinsu bai kai cikakken rabin daƙiƙa ba. Babu Hausa a cikin harsunan da aka auna, sai dai wanda ya taɓa jin dattawa biyu suna jero "lafiya lau" da "madalla" a bakin masallaci ya san ba a bar mu a baya ba. Kunnen ɗan Adam ya saba da amsa nan take. Shirun daƙiƙa biyu a gaba da gaba yana nufin akwai magana. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan ma'auni a ɗora shi kan saƙon da aka tura wa mutumin da ba a ganin abin da yake ciki.

Abin da aka gada a bakin ƙofa

Tambayar ba sabuwa ba ce, kuma Musulunci ya daɗe da yi mata iyaka. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, sun kuma nuna cewa idan aka ce wa mutum ya koma, to ya koma. Adadin kuwa ya zo a wani labari da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Abu Musa al-Ash'ari ya je wurin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, ya nemi izini sau uku, bai ji amsa ba, sai ya juya. Umar yana cikin wani aiki ne a lokacin. Da ya farga sai ya sa aka kira shi, ya tambaye shi abin da ya mayar da shi. Abu Musa ya ce haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar: a nemi izini sau uku, in ba a samu ba a koma. Umar ya nemi ya kawo wanda zai shaida masa, Abu Sa'id al-Khudri ya tashi ya ba da shaida.

Abin lura a labarin shi ne babu wanda ya yi wa wani wulaƙanci. Mai gida yana ciki, ya ma ji muryar, aiki ne ya riƙe shi. Baƙo kuma bai tsaya yana dukan ƙofa ba, bai tafi yana yaɗa cewa an shanya shi ba.

Malamai sun yi bayanin hikimar ukun: ta farko don mutanen gida su ji, ta biyu don su kintsa, ta uku don su ba da izini ko su hana. Wasu malaman fiƙihu na mazhabar Hanafiyya har tazarar suka ƙayyade. Suka ce a bar tsakanin sallama da sallama gwargwadon abin da mai cin abinci zai ƙarasa, ko mai alwala ya kammala, ko mai salla ya idar da raka'a huɗu. Wannan ma'auni yana da kyau ƙwarai, domin ba da haƙurin mai jira aka auna shi ba, da uzurin wanda ake jira aka auna. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ce aka fi bi a ƙasar Hausa, an ruwaito cewa ba ya son a wuce uku, sai fa idan mutum ya tabbata ba a ji shi ba. Wato akwai bambanci tsakanin wanda bai ji ba da wanda ya ji ya yi shiru. Na farkon ana iya ƙara masa, na biyun kuwa ƙyale shi ake yi.

Wannan bambancin shi ne ginshiƙin maganar har a waya. Kafin mutum ya tambayi kansa awa nawa zai jira, sai ya fara sanin ko saƙon ya isa, kuma ko an gan shi.

Abin da makin ke faɗa, da abin da ba ya faɗa

A WhatsApp maki ɗaya mai launin toka yana nufin saƙon ya bar wayar mai turawa amma bai sauka a ta wancan ba. Maki biyu masu launin toka suna nufin ya sauka. Idan suka koma shuɗi, an buɗe hirar. Kamfanin ya shigo da shuɗin makin ne a watan Nuwamba na 2014, kuma ƙorafin jama'a ya sa ba da daɗewa ba ya ba da damar kashe shi, ta wani maɓalli mai suna "Read receipts" a sashen sirri. Wanda ya kashe shi zai karanta saƙo ɗari amma makin ya tsaya a toka, sai dai a guruf, inda ba a iya kashewa.

Maki ɗaya shi ne mafi sauƙin hukunci, amma a nan aka fi yin aikin banza. Saƙon bai isa ba, saboda haka tura na biyu da na uku ba zai ƙara komai ba. Za su taru ne kawai su sauka lokaci guda ranar da aka kunna data, mai wayar ya buɗe ya tarar da sallama biyar a jere da alamar tambaya uku. A ƙasarmu kuwa dalilan maki ɗaya ba su da iyaka. Da yawa ba sa barin data a kunne, sai dare suke sayen ta awa ɗaya ko biyu. Waya takan yini a shagon mai caji. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni ba a jin ɗuriyarsu. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun haura mako guda babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. WhatsApp yana ajiye saƙon da bai sauka ba har kwana 30 yana ƙoƙarin isar da shi kafin ya goge. Don haka idan maki ɗaya ya kwana, abin yi shi ne a sauya hanya: a kira layin kai tsaye, ko a tura gajeren saƙon tes wanda ba ya buƙatar data.

Akwai maki ɗaya na daban. Idan ya daɗe bai motsa ba, hoton mutumin ya ɓace, kiran WhatsApp kuma ba ya shiga, mai yiwuwa an toshe lambar ne. Kamfanin da gangan ba ya tabbatar wa kowa hakan, kuma sauya waya ko goge manhajar na iya kawo wasu daga cikin alamun. Amma in an tabbata toshewa ce, to an riga an ba da amsa, kuma biyo mutum ta wata sabuwar lamba ba tuni ba ne, takura ce.

Shuɗin maki ne ya fi raba zumunci, alhali shi ma shaidarsa ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne an buɗe hirar. Bai ce mai wayar ne ya buɗe ba, don a gidaje da yawa yara ne ke yini da wayar uwarsu. Bai ce an karanta ba, don mutum kan buɗe saƙo yana tsakiyar ciniki, ya ce bari ya sallami wannan, daga nan saƙonnin guruf ashirin su danne shi. Akwai kuma dattijo ko dattijuwar da ba su yi boko ba, waɗanda sai jika ya dawo daga makaranta ya karanta musu. Irin waɗannan tun farko saƙon murya ya kamata a tura musu. Sannan ga wani abu da ba kowa ke tunawa ba. Malamai irin su Imamu Nawawi sun ce sallamar da ta zo a rubuce wajibi ne a amsa ta idan an karanta, kuma da yawa suna ganin amsawa da baki ta wadatar. Ke nan zai yiwu mutum ya buɗe, ya ce "wa alaikumus salam" a fili, ya sauke nauyin da ke kansa, ya mayar da wayar aljihu yana jiran a faɗi abin da ke tafe da mai sallamar.

Sallamar da ba ta ɗauke da komai

Nan ne ainihin matsalar take, kuma a ganin mai wannan rubutu laifin ya fi karkata ga masu turawa. Tarbiyyar Bahaushe ta hana a faɗa wa mutum da buƙata kafin a gaisa. Sai an tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki, sannan a gyara zama a ce, "Dama wata 'yar magana ce ta kawo ni." A zaure wannan ba ya cin minti biyu. A waya kuwa, idan kowace gaisuwa sai ta jira amsarta, kuma kowace amsa tana ɗaukar awa uku, to ana iya cinye kwana biyu ba a iso ga maganar ba.

A duba ta ɓangaren wanda aka turo wa. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ko ma'aikaciyar jinya da ta fito daga aikin dare, ko malamin jami'a mai ɗalibai ɗaruruwa. Ya buɗe waya ya ga baƙuwar lamba, babu suna, babu hoto, an rubuta "slm" kawai. Bai san ko wane ne ba, bai san ko amsawar za ta ci masa minti ɗaya ko awa ɗaya ba. Ya kuma saba da cewa sallamar da ta zo ita kaɗai daga wanda aka daɗe ba a ji ba, sau da yawa gaisuwa ce da roƙon iri. Ga 'yan damfara da su ma da sallama suke farawa. Abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya bari sai ya samu sarari, sararin kuma ba ya zuwa. Ko a hadisi an nuna rashin dacewar ɓoye suna: Jabir ɗan Abdullahi ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi, aka tambayi ko wane ne, ya ce shi ne, ba tare da ya faɗi sunansa ba, kuma Annabi ya nuna bai ji daɗin wannan amsa ba.

Maganin ba wai a daina gaisuwa ba ne. A haɗa ta ne da suna da buƙata a saƙo guda, yadda wasiƙun da iyayenmu ke aikawa ta gidan waya suke: bayan gaisuwa mai yawa, sai dalilin rubutu ya biyo a takarda ɗaya. Babu wanda ya taɓa aika ambulan ɗauke da sallama kaɗai ya zauna jiran amsa kafin ya aika sauran.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a jami'a, wadda take buƙatar malamin da ke duba aikin bincikenta ya sa hannu a wata takarda kafin ranar Juma'a ta mako mai zuwa. Ranar Litinin da ƙarfe goma na dare ta tura masa, "Assalamu alaikum Malam." Maki biyu suka fito, da safe suka koma shuɗi, babu amsa. Zuwa azahar ɗin Talata ta fara tunanin ko ta yi masa wani laifi ne.

Ba ta yi laifi ba, amma ta yi kuskure biyu. Ta tura a lokacin da bai dace ba, domin bayan isha'i yana cikin lokuta uku da aya ta 58 ta Suratun Nur ta ware a matsayin na sirrin iyali, tare da kafin asuba da lokacin hutun rana. Sannan ba ta ba shi abin da zai amsa ba. Saboda haka ba sai ta jira kwana biyu ba. Saƙon da za ta tura yanzu ba tuni ba ne, shi ne saƙon farko na gaskiya, kuma za ta iya tura shi a ranar, a cikin lokacin aiki: "Assalamu alaikum Malam, barka da rana. Ni ce ɗalibarka 'yar aji huɗu mai bincike kan noman rani. Akwai takardar da ake so ka sa wa hannu kafin Juma'a ta sama. Wace rana zan same ka a ofis in kawo? Na gode, Allah ya ƙara girma." Za ta sa sunanta da lambarta ta makaranta. Yanzu Malam yana iya sallamarta da kalma biyu, "Alhamis, goma," yana tafiya zuwa aji.

Daga nan ne lissafin jira yake farawa, kuma akwai abin da za a dogara da shi. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Kudancin Kalifoniya da sashen bincike na kamfanin Yahoo suka nazarci saƙonnin imel biliyan 16 na mutane sama da miliyan biyu. Suka ga cewa a cikin saƙonnin da aka amsa, kusan rabi an amsa su ne kafin awa guda ta cika, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari a cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Imel ne suka auna, ba WhatsApp ba, kuma ba mutanenmu ba ne, amma darasin yana da amfani. Amsar da za ta zo da kanta takan zo da wuri. Wadda ta wuce kwana biyu yawanci ba tana hanya ba ce, an manta da ita ne a ƙarƙashin wasu saƙonni. Ke nan tuni kafin kwana guda gaggawa ce, jira fiye da kwana uku kuma ɓata lokaci ne.

Don haka idan Laraba ta wuce shiru, ɗalibar za ta yi tuni ranar Alhamis da safe. Yadda za ta yi shi ne ya fi muhimmanci. Ba za ta tura alamar tambaya ita kaɗai ba, ba za ta rubuta "Malam na ji shiru" ba, balle "na ga ka karanta." Duk waɗannan tuhuma ce, kuma suna tilasta wa babba ya fara da ba da haƙuri ga na ƙasa da shi, abin da zai sa ya ƙara jinkirtawa. Ba kuma za ta goge saƙon farko ta sake turawa don ya hau sama ba, domin gogewar takan bar shaida a hirar, mai wayar ya yi ta tunanin me aka faɗa aka janye. Za ta rubuta ne kamar haka: "Malam barka da asuba. Tuni nake kan takardar nan ta sa hannu. Gobe zan shigo makaranta da safe, in ya yi maka sai in biyo ofis, in kuma akwai wanda zan bar wa ita sai in bari." Saƙon ya maimaita buƙatar don kada sai an koma sama, ya kawo sabon abu, ya kuma rage wa Malam aiki.

In wannan ma bai samu amsa ba zuwa Litinin, saura kwana huɗu wa'adi ya cika, to rubutu ya ƙare. Mataki na uku ba saƙo na uku ba ne, sauya hanya ne: ta kira shi sau ɗaya a lokacin aiki, ko ta je ofis da takardar a hannu, ko ta bi ta wurin wakilin aji ko sakataren sashe. Kira na gaske ake nufi, ba filashin ba. Yi wa na gaba filashin yana nufin shi ya kashe kuɗinsa ya kira, kuma mai nema ba ya yin haka.

Da a ce wa'adin gobe ne, duk wannan lissafi zai taƙaita. Mai buƙatar gaggawa ba ya rubutu ya zauna, kira yake yi tun farko, in ba a ɗauka ba ya bi da saƙon da ya faɗi wa'adin ƙarara. Kalmar "gaggawa" kuwa a adana ta. Wanda ya saba kiran komai gaggawa, ranar da ta gaske ta zo ba za a yi masa sauri ba.

Ba kowa ake jira iri ɗaya ba

Kwana biyun nan na harkar aiki ne da na wanda ya girme ka. Abokin wasa ko ɗan'uwa ana iya taɓa shi da yamma idan an tura da safe, har a haɗa da zolaya, ba abin da zai ɓaci. Mai sayar da kaya da ya tallata hajarsa da kansa, awa kaɗan sun isa a sake tambaya, in bai kula ba a nemi wani. Suruki ko basarake ko babban malami kuwa, sau da yawa rubutun ne ma bai dace ba tun asali. Shirunsu yana iya nufin suna jiran a zo ne da ƙafa, ko a turo wanda ya isa.

Sai a tuna da agogo idan mutumin yana wata ƙasa. Nijar da Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya da Najeriya. Gana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Ɗan kasuwar da ya tafi Guwanzu sarin kaya ko ɗalibin da ke Maleshiya yana gaba da awa bakwai, saboda haka saƙon da aka tura masa bayan la'asar a Kano ya same shi yana shirin barci ko ya riga ya yi.

A Facebook da Instagram akwai wani tarko na daban. Saƙon wanda ba abokinka ba yakan faɗa wani akwati mai suna "Message requests", wanda wasu kan yi watanni ba su leƙa ba. Tuni a nan ba shi da amfani, don shi ma can zai tafi. A guruf kuma, sallamar da aka yi wa mutum ɗari biyu kowa yana ganin wani zai amsa, kuma a fiƙihu ma amsar mutum ɗaya ta isar wa jama'a. Mai tambaya a guruf ya ambaci wanda yake so ya amsa, ko ya bi shi ta gefe.

Akwai wurin da mai wannan rubutu yake ganin ko ukun ma ta yi yawa, wato inda saurayi ya samu lambar budurwar da ba ta ba shi da hannunta ba. Sallama ɗaya da cikakken bayanin kai da inda aka samu lambar ta isa. In ya matsa, ya ƙara ɗaya bayan kwanaki. Mace da yawa ba ta iya cewa "a'a" kai tsaye saboda kunya ko tsoron abin da zai biyo baya, shirun shi ne hanyar da ta rage mata. Wanda ya ci gaba da turo "barka da safiya" kullum har wata guda ba naci yake nunawa ba, damunta yake yi, kuma WhatsApp yana iya rufe lambar da mutane suka yawaita kai ƙararta.

Inda ba a jira ko kaɗan shi ne inda shirun ya saɓa wa al'adar mutumin kuma akwai dalilin fargaba. Wanda ya hau mota daga Abuja zuwa Kaduna, tafiyar da ba ta wuce awa uku ba in hanya lafiya, ya ce zai kira in ya sauka, ga shi awa shida ta wuce wayarsa ba ta shiga, ba maganar ladabin tuni ake ba. Haka tsohuwar da ke zaune ita kaɗai wadda kullum takan amsa gaisuwar asuba, ko mai juna biyu da watanta ya kama. A nan ana kira ne a jere, in ba a samu ba a kira wanda zai tarbi matafiyin, ko maƙwabcin da zai iya leƙawa, ko a nemi lambar direba a tashar da motar ta tashi. Shi ya sa iyalai da yawa suke karɓar lambar abokin tafiya ko ta maƙwabci tun kafin buƙatarta ta taso, su kuma yi yarjejeniya da matafiyi cewa in cajinsa ya kusa ƙarewa ya turo saƙo ya faɗi garin da suka kai.